Yarjejeniyar Hayar Gida a Unguwar Rogo, Jos

Tsakanin mai gida, Alhaji Sani Mai Katako, da ɗan haya, Malam Habibu Tela, kan ciki da falo biyu. Haya naira 350,000 ce a shekara, daga 1 ga Maris, 2025.

1. Kuɗin ajiya. Ɗan haya ya ba da naira 50,000 amana a hannun mai gida. Ba kuɗin haya ba ne. Ranar tashi za a duba gidan a gaban shaidu biyu, a cire kuɗin abin da ya ɓata da bashin wuta ko na ruwa, a mayar masa da ragowar cikin kwana 14. Tsufan fenti ba ɓarna ba ce.

2. Gyara. Yoyon rufi, tsagewar bango, rijiya da masai suna wuyan mai gida. Da an sanar da shi, zai gyara cikin kwana 21, musamman da damina, tunda ruwan Jos ba ya jira. In ya gaza, ɗan haya ya gyara, ya kawo rasit, a cire daga hayar gaba. Ƙwan lantarki, kan famfo da makulli na ɗan haya ne. Ba ya fasa bango sai da izini.

3. Ɗan haya ba zai ba wani hayar gidan ko ɗaki ɗaya ba, sai da izinin mai gida a rubuce. Baƙo da ɗan'uwa ba su cikin wannan.

4. Notis. Duk mai son raba yarjejeniyar zai ba ɗayan notis na wata 6 a rubuce. Mai gida ba zai cire ƙofa ko kwano, ko fitar da kaya ba. Saɓani ya tafi gaban mai unguwa, in bai warware ba, kotu.

Dukansu sun karanta, sun amince. Allah Ya ba da zaman lafiya.