Neman taimako wajen gano sunayen mutanen da ke cikin wani tsohon hoton malaman Yaƙi da Jahilci

Maƙarfi,
Jihar Kaduna.
9 ga Maris, 2009.

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Adana Jaridu da Hotuna,
Gaskiya Ta Fi Kwabo,
Titin Ahmadu Bello, Kaduna.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aiki, na rubuto ne da yawun kwamitin da ke tattara tarihin ilimi a ƙasar Maƙarfi. Akwai wani tsohon hoto a hannunmu na mutum 27, malaman Yaƙi da Jahilci da shugabanninsu, wanda aka ɗauka a Zariya shekara hamsin da suka wuce ko fiye. Mutum huɗu kaɗai muka tabbatar da sunayensu. Muna da dalilin zaton hoton ya bi ta hannun ma'aikatan Gaskiya, shi ya sa muke roƙon ku duba mana ko an buga shi, da abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Hoton baƙi da fari ne, faɗinsa inci takwas da rabi, tsayinsa inci shida da rabi. Wankin asali ne a kan takardar hoto mai kauri, ba yanke shi aka yi daga jarida ba, domin ko an ɗora masa gilashin ƙara girma ba a ganin ɗige-ɗigen nan da hoton jarida yake da su. Kusurwar ƙasa ta dama ta sha ruwa, kuma akwai karaya da ta ratsa fuskokin mutum biyu a sahun baya. Iyalan ɗaya daga cikin malaman ne suka ba mu aronsa.

Bayan hoton ne ya sa muka nufo ku. Akwai hatimi na tawada shuɗiya da ya koɗe, kalmar da ta rage a cikinsa ita ce ZARIA kawai. An ja layuka biyu da fensir daga sama zuwa ƙasa, da kibiya a tsakaninsu, da lamba 3 a kan kibiyar. Irin wannan alama ce edita yakan yi wa masu haɗa farantin hoto, don su san inda za a datse da kuma faɗin layi nawa na shafi hoton zai ci. A ƙasa kuma akwai busasshen danƙo da ɓurɓushin farar takarda, wato inda aka taɓa manna 'yar takardar bayani, ta ɓalle. Muna zaton sunayen da muke nema a kan wannan takarda suke, kuma ita ce mai yiwuwa aka kwafa zuwa cikin jarida.

Sai batun lokaci, don kada a sa ku buɗe kundin shekara goma. A gaban mutanen an jingine allon makaranta, an rubuta da alli YAKI DA JAHILCI, a ƙasa KOS NA MALAMAI, sannan shekara. Lambobi uku na farko, 195, sun fito sarai. Ta ƙarshe gwiwar wani ta tare rabinta, abin da ya rage zagaye ne a ƙasa, saboda haka ko dai 6 ce ko 8. Tutar da ke kan sanda a bayansu ta Ingila ce, wadda ta yi daidai da kafin 1 ga Oktoba, 1960. Wani yana riƙe da jarida a naɗe, ana iya karanta BAZAZ a kanta, wato Bazazzaga, ɗaya daga cikin jaridun larduna na zamanin NORLA, hukumar wallafa littattafai da jaridu ta Jihar Arewa, irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. Bishiyar da ke gefen hagu ta zubar da ganye, ciyawa ta bushe, mutum shida sun sa suwaita a ƙarƙashin riga. Hunturu ne ke nan. Watannin da suka fi cancanta a fara da su su ne Janairu zuwa Maris, da Nuwamba zuwa Disamba, na 1956 da 1958.

Ina roƙon kada a tsaya daidai kan waɗannan watanni. Hoton kwas ba labari ne mai zafi ba, yakan zauna a aljihun tebur sai ranar da aka sami fili. Idan a farkon 1956 aka ɗauke shi, ya ci karo da ziyarar Sarauniya Elizabeth, wadda ta zo Nijeriya daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, har aka yi mata hawan daba a Kaduna. Hotunan ziyarar za su iya tura namu zuwa Afrilu ko Mayu. In kuwa na Disamba ne, a leƙa farkon shekarar da ta biyo baya. Haka kuma a duba Nigerian Citizen, tun da a wancan lokaci Kamfanin Gaskiya ne ke buga su duka biyu a Tudun Wadar Zariya, kafin New Nigerian ta gaje ta a 1966. Hoto ɗaya yana iya fitowa a jaridun biyu, kuma ba lallai bayanin Turanci ya zo daidai da na Hausa ba. Wani ya kawo sunaye, wani ya kawo muƙamai kawai.

Na haɗo da kwafi biyu. Ɗaya babu komai a kansa. Ɗayan an sa wa kowane mutum lamba, daga hagun mai kallo zuwa damansa. Lamba 1 zuwa 3 suna zaune a kan tabarma a gefen allo. Lamba 4 zuwa 10 suna kan kujeru. Lamba 11 zuwa 19 suna tsaye, 20 zuwa 27 kuma sun hau benci a baya. Don Allah duk amsar da za a ba mu a yi ta da waɗannan lambobi, domin "na uku daga hagu" yana rikita mutane idan sahu bai miƙe ba, kuma a nan lamba 15 ya ɗan ja baya har ana iya ƙirga shi cikin 'yan benci.

Waɗanda muka tabbatar su ne lamba 2, Malam Tanko, wanda hoton ya fito daga gidansa, da lamba 13, Malam Ɗanjuma, da lamba 18, Malam Iro, da lamba 22, Malam Shehu Tela. Kowannensu sai da mutum biyu waɗanda ba su haɗu ba suka nuna shi, ba tare da an faɗa musu sunan ba tukuna. Lamba 12 da lamba 25 akwai saɓani a kansu, gida biyu kowanne yana cewa mahaifinsa ne, don haka mun bar su babu suna. Lamba 7, na tsakiyar kujeru, Bature ne da gajeren wando. Lamba 6 yana da rawani da alkyabba, da alama hakimi ne ko wakilin En'e. Su biyun nan su ne mafiya sauƙi, kuma in aka san su, takardun ofisoshinsu za su iya kai mu ga jerin sunayen 'yan kwas ɗin.

Idan an sami hoton a jarida, akwai abubuwan da zan so mai dubawa ya lura da su. Wani lokaci akan kife negetif wajen wanki, hagu ta koma dama. Allon zai nuna haka nan take, domin rubutun zai fito a juye. In hakan ta faru, sai a karanta jerin sunayen da lura, don wanda ya rubuta shi wataƙila hoton daidai ya duba. Layukan fensir ɗin kuma sun nuna an datse gefe biyu, lamba 11 da 19 da 20 da 27 suna wajen layi. Idan sunayen da aka buga sun kai 27 alhali fuskoki 23 suka fito, wannan ne dalili, kuma duk wanda ya fara ƙirga daga fuskar farko da ya gani zai goce da mutum ɗaya har ƙarshen sahu.

A kwafo mana sunayen yadda aka buga su, harafi da harafi, kada a gyara. Mamman da Muhammadu, ko Garba da Abubakar, a wurin mai karatu ɗaya ne, amma a wurinmu bambancin yana da amfani, domin da sunan da aka san mutum da shi a garinsu za mu bi sawunsa. Yawancin malaman lokacin sunan garinsu ne yake bin nasu, ba na uba ba, kuma harafin M. da ke gaban suna Malam yake nufi. Wanda aka naɗa sarauta daga baya kuwa, jikokinsa ma da sarautar suka san shi, sunan yankan da ke jarida yana iya zama baƙo a kunnensu.

Mun fi son a ɗauko daga kundin jaridar ta takarda. Kwafin da aka ɗauka a fim yana karantuwa, amma yana mai da fuskoki baƙi ƙirin, ba a bambance gemu da inuwa. A ɗauki shafin gaba ɗaya, har da kan shafi mai ɗauke da kwanan wata da lambar fitowa, da labarin da ke kusa da hoton in akwai. Kada a danne kundin a kan na'urar kwafi, tsohuwar takardar jarida tana karyewa daga wajen ɗinki. Kyamara daga sama, a hasken taga, ta wadatar. Idan kuma akwai littafin rajistar hotuna ko ambulan ɗin negetif na shekarun, a duba bayansu, masu ɗaukar hoto sukan rubuta wuri da rana a nan.

Mun san sau da yawa bayanin irin wannan hoto manyan baƙi kawai yake ambata, ya rufe da "tare da malaman da suka halarci kwas". Idan haka aka tarar, ko ba a sami hoton ba sam, roƙonmu shi ne ka miƙa wa Edita kwafi mai lambobi a buga shi, da faɗin da fuskoki za su fito, a nemi masu karatu su rubuto. Kada a buga sunaye huɗun da muka sani, mu kuma ba za mu faɗa wa kowa ba. Da su za mu auna masu amsa: wanda ya faɗi lamba 13 da 18 daidai da kansa, maganarsa a kan sauran tana da nauyi. A nemi kowa ya faɗi lamba, da suna, da garin mutumin, da yadda aka yi ya san shi. In akwai tsofaffin ma'aikatan Gaskiya na zamanin Zariya da ke raye, musamman na sashen hoto, a nuna musu kafin kowa.

A cikin ambulan ɗin akwai faifan CD mai ɗauke da gaban hoton da bayansa, an ɗauke su a 600 dpi, ba a yi musu gyaran komai ba. Asalin yana wurinmu, zan iya kawo shi Kaduna ku gani da ido duk ranar da ka sa. Kwamiti zai biya kuɗin bincike da na kwafi bisa ƙa'idarku, a sanar da mu adadin kafin a fara. Abin da aka samu zai shiga ɗan littafin da muke shiryawa domin makarantun yankinmu, tare da ambaton jaridar da ranar fitowarta, kuma za mu aiko muku da cikakken jerin sunayen ku ajiye tare da naku kwafin.

Dattawan da muke dogara da su wajen shaida duk sun haura shekara saba'in da biyar, biyu daga cikinsu ido ya fara rauni. Saboda haka za mu ji daɗi idan amsa ta zo kafin damina ta kankama, ko da ta watannin 1956 kaɗai ce, sauran su biyo baya. Ana iya amsawa ta ambulan mai kan sarki da na saka a ciki.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Gaskiya albarka.

Wassalam.

Naka,
Malam Yusha'u Bala,
Magatakardan kwamiti.