Takardar Darasi: Ina Mililita Huɗun Suka Shiga?

Ɗalibai, ranar Talata a ɗakin gwaji mun zuba ruwa mililita 50 a kan itanol mililita 50, muka samu kusan 96. Wani daga baya ya ce zubewa ya yi. Ba abin da ya zube: da mun ɗora a sikeli, nauyin yana nan yadda yake. Wurin da suka ci ne ya ragu.

Mol ɗaya na ruwa zalla yana cin kusan mililita 18, na itanol kusan 58. Amma ku zuba mol ɗayan ruwan nan cikin babbar randar itanol, abin da zai ƙaru kusan mililita 14 ne kawai. Ruwan bai canja ba, maƙwabtansa ne suka canja. Ƙarin da mol ɗaya ke kawowa a cikin wani haɗi shi muke kira rabon mol na girma. A nan V girman haɗin ne, n_A da n_B yawan mol na abubuwa biyun, T zafi, p kuma matsi:

V_A = (∂V/∂n_A), da T, p, n_B a tsaye

Akan kawo misalin mudun gero da aka juye cikin mudun wake a kasuwar Samaru, geron ya shige tsakanin wake. Misalin yana taimakawa, amma kada ku tsaya a kansa. Ƙwayoyin ruwa da na itanol suna jan juna da ɗaurin haidurojin, suna sake tsarin zamansu, shi ya sa da kuka taɓa kwalbar kuka ji ɗumi. Gero ba ya yin haka.

Mu lissafa namu. Ruwa mol 2.77 ne, itanol mol 0.86. A wannan haɗin rabon ruwa kusan 17.5 ne, na itanol kusan 56.

V = n_A V_A + n_B V_B

Wato 48.5 da 48, jimilla 96.5 ke nan, kusa da 96 ɗin da muka samu.

Ga inda nake so hankalinku ya tsaya. Ku cire V ku sa G, makamashin Gibbs:

μ_A = (∂G/∂n_A), da T, p, n_B a tsaye

Wannan μ shi ne kemikal fotenshal. Tambayar ba ta canja ba: in na ƙara mol ɗaya a nan, me zai ƙaru? Sai dai μ yana faɗa mana inda abu zai nufa, domin daga inda μ ɗinsa ke sama yake gangarawa zuwa inda yake ƙasa, har su yi daidai. Wankin da kuka shanya da hunturu yana bushewa nan da nan saboda μ na ruwa a busasshiyar iska ya yi ƙasa sosai da na jikin rigar. Haka ma ruwa da itanol, kowanne μ ɗinsa a haɗe bai kai na zallansa ba, shi ya sa suke gauraya da kansu.

Kuma ba kowanne ke gaban kansa ba. Dokar Gibbs da Duhem ta ɗaure su, in zafi da matsi na tsaye:

n_A dμ_A + n_B dμ_B = 0

In ɗaya ya hau, dole ɗayan ya sauka. Kafin Litinin, ku rubuta wannan dokar da V a madadin μ, ku nuna abin da ke samun rabon ruwa a inda na itanol ke raguwa.