Jawabi Ga Sababbin Ma'aikata Kan Kalmar Sirri

Assalamu alaikum. Barkanku da zuwa, Allah ya sa kun shigo da ƙafar dama.

Yau da safe an ba kowannenku sunan shiga da kalmar sirri, kuma dokar wannan banki ita ce ba za ku ba kowa su ba, ko da abokin aikin da kuka fi yarda da shi ne, ko da manajan reshe ne, ko da ni ne shugaban sashen kwamfuta.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, cewa hana abokin zama kalmar sirri tamkar zarginsa ne da rashin amana. Ba haka ba ne. Na'urarmu ba ta san fuska ba, suna kawai ta sani, kuma duk kuɗin da aka shigar ko aka cire, duk asusun da aka buɗe aka leƙa, tana rubuta sunan wanda ya shiga da ranar da lokacin. Idan masu binciken kuɗi suka zo bayan wata shida, wannan rubutu za su karanta, ba za su tambayi wanda ya zauna a kujerar ba.

A wani wuri da na taɓa aiki, wata kashiya ta tafi sallar azahar, layi ya yi tsawo, sai ta bar wa ƙawarta na'urarta a buɗe domin ta rage mata mutane. Ƙawar ba ɓarauniya ba ce, sifili ɗaya ta ƙara bisa kuskure, naira 50,000 ta zama 500,000, mai asusun kuwa ya kwashe kuɗin kafin la'asar. Wadda ke kan sallaya a lokacin ita ta amsa takardar tuhuma, ita aka yanka wa albashi, zumuncinsu kuma bai sake komawa daidai ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa mai shigar da ciniki daban, mai amincewa da shi daban: ana son mutum biyu su ga kowace mu'amala, to da zarar mutum ɗaya ya riƙe kalmomin biyu, wannan kariya ta rushe. Bayanan masu ajiya kuwa, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora mana nauyin tsare su.

Saboda haka kada ku rubuta kalmar a takarda ku liƙa a ƙarƙashin tebur, kada ku tura ta a waya. Idan za ku tashi, ko alwala ce, ku danna Windows da L ku kulle na'urar. Wanda aikinsa ya tsaya saboda ba a buɗe masa wani sashe ba, ya zo ofishina da sa hannun shugabansa a buɗe masa da sunansa, wanda kuma ya riga ya faɗa wa wani kalmar sirrinsa, ya biyo ni yanzu mu sauya ta.