Takardar rakiyar rubutun "Guzurin Kaka": gyaran salo da tsawo kafin zubi na uku

Gadarif, daren Talata

Baffa Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Ya jikin Gwaggo, ya kuma zafin Kasala? A gaishe min da kowa na gida.

Ga zubi na biyu na maido maka, kashi shida duka, da alamun jan biro a gefen shafi. Ranar Juma'a bayan la'asar mun zauna da 'yan wasa mun karanta shi da baki daga farko har ƙarshe, agogo na hannun mai ɗaukar sauti. Abin da ke cikin takardar nan daga wannan zaman ya fito, don haka ka karanta ta kafin ka buɗe shafukan, kada yawan jan biron ya tayar maka da hankali. Labarin na nan daram, ba na neman ka taɓa ƙashin bayansa.

Babbar maganata ɗaya ce. A zubi na farko Kaka ce take ba jikarta labarin yadda mahaifinta ya taso da su daga ƙasar Haɗeja a 1951 da niyyar aikin hajji, tana yarinya a bayan jaki. A wannan zubin kuwa Kaka ta koma malamar tarihi. Ta san shekarar da aka yi komai, ta san sunan kowane gwamna, ba ta mantuwa, ba ta ƙarin gishiri, ba ta ma tsayawa ta kurɓi jabana. Da muka kai tsakiyar kashi na biyu, baiwar Allahn da za ta fito a matsayin Kaka ta ajiye takardar ta ce ita dai kakarta ba haka take magana ba. Na yarda da ita. Ka maido mana tsohuwar nan da ke fara zancen Abeshe ta ɓige da faɗan an bar mata ƙofa a buɗe.

Sai tsawo. Mun yi da kai kowane kashi minti 18 ne, a ciki har da kiɗan buɗewa da sanarwar ƙarshe. Yanzu mafi gajarta shi ne na biyar, minti 24. Na biyu ya kai 33. Ka san masu saurarenmu, ta WhatsApp shirin zai je musu, daga waya zuwa waya, wata a sansanin gudun hijira, wani a shago a Jidda, ga tsadar data ga ɗaukewar wuta. Abu in ya yi nauyi ba a sauke shi, in an sauke ma ba a tura wa na gaba. A karatunmu muna cin kalma wajen 130 a minti, in ka cire gurbin kiɗa da sautin hanya, kalma 2,100 ce iyakar kowane kashi. Kashi na huɗu kaɗai na ɗaga wa ƙafa, zan zo kansa.

Kashi na ɗaya. Shafi biyun farko na mai ba da labari su tafi gaba ɗaya. Na san da wuya ka rabu da su, kuma ba ƙarya a ciki: faɗuwar Sakkwato, rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. To amma mutumin Mai Wurno ya sha wannan tun yana goye, wanda bai sani ba kuma ba zai riƙe shi daga jawabin minti huɗu ba. Ka fara da muryar jikar tana neman cajar waya a ɗakin Kaka, ta ci karo da tsohuwar gafakar nan. Burmi ta shigo a kashi na uku, a bakin limamin da ya sauke su, jimla uku ko huɗu, yana faɗa kamar mai ba da labarin gidansu.

Kashi na biyu shi ne mai aiki. Ka bi hanya zango zango, Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Ubayyid, kowanne da fitowarsa da bayaninsa, duk tsawonsu ɗaya. Kunne ba ya iya riƙe bakwai. Zaɓi biyu ka zauna a kansu. Ni da zan zaɓa, da na ɗauki daren da aka sayar da jaki a Abeshe, da rijiyar da uwar ta ƙi sha sai yara sun sha. Sauran Kaka ta lissafo su a numfashi guda, jikar ta ce "a hankali mana Kaka", shi ke nan an wuce. Ka bar ta tana cewa Fort Lami, domin sai a 1973 aka mai da sunan Injamena, kuma irinta ba ta sauya baki. Gyara ɗaya na gaskiya a shafi na 14: ka hau da su jirgin ƙasa a Fashir. Dogo bai je Fashir ba. A lori za su zo Ubayyid, daga nan ne jirgi zai kwashe su ya bi ta Kosti zuwa Sinnar. Tsofaffin da za su saurare mu sun bi hanyar nan ko iyayensu sun bi, kuskure irin wannan kuwa da shi za a riƙa tuna shirin.

A kashi na uku matsalar ba tsawo ba ce kawai, dariya ce ta ɓace. Mai agashen nan na tashar Madani, wanda a zubin farko yake rantsuwa cewa saura shekara ɗaya ya ƙarasa Makka alhali ya yi ashirin yana faɗin haka, yanzu ka sa shi yana wa'azi a kan haƙuri. Don Allah Baffa, a maido shi yadda yake. Shi ne wurin da mai sauraro zai yi dariya, daga baya kuma ya gane cewa mahaifin Kaka ma hanyar da zai bi ke nan. In mai agashe ya faɗi darasin da bakinsa, kashi na biyar ba shi da sauran abin da zai nuna. Bayanin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da yadda ake raba kuɗin auduga tsakanin hukuma da mai hawasha, wato manomin da aka ba wa gona, a rage shi zuwa abin da ɗan ƙwadago zai sani: nawa ake biyansa, wa ke riƙe da ma'auni. Sannan ka sa ruwan sama yana dukansu suna tsinkar auduga. A Jazira da sanyi ake fara tsinka, wajen Janairu, a yi ta yi har zafi ya shigo. Ka ba mu iska da tsagewar hannu maimakon ruwa. Kuɗin hannunsu kuma fam ɗin Masar ne da girshi, tunda Sudan ba ta sami 'yanci ba sai 1956, nata fam ɗin kuma bayan nan ya fito.

Kashi na huɗu kada ka rage masa da yawa, na ba shi har minti 22. Rasuwar ƙaramin yaron a rumfar gona ita ce mafi kyawun abin da ka rubuta mana. Abu biyu kawai. Uwar kada ta yi dogon jawabi. Ta nemi a miƙo mata zanen goyon, ta ninke shi, sai mu bar sautin ya yi aikinsa. Kuma baitocin da ka sa a ƙarshe a cire, ba don ba su yi kyau ba, sai don mai sauraro ya riga ya karaya kafin a zo wurin, ƙari ya zama matsa masa.

Yanzu maganar da na fi so ka duba da idon basira, fitowar rigimar gona a kashi na biyar. Ka ambaci ƙabilar mai gonar da suna har sau uku, ka kuma sa masa baƙar magana a kan baƙi 'yan yamma. Na san an faɗa wa iyayenmu irinta, har yau ma ana faɗa. Amma tun rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, wanda hayaƙinsa ya kai har Kasala inda kake, ga kuma yaƙin da ake ciki tun Afrilun 2023, ba zan saki sautin da wani zai yanko daƙiƙa talatin daga ciki ya yaɗa da wata manufa ba. Rigimar ta tsaya, zaluncin ma'aunin ma ya tsaya, kada ka wanke shi. Mutumin dai ya zama mai gona kawai, ba wakilin wasu mutane ba. Matarsa da ta aiko wa mai jego kisra da miya a zubin farko, wadda ka cire, a dawo da ita.

Na shida ya yi, sai dai ƙarshensa uku ne a jere: Sawakin da zaman jiran likita, hango Jidda daga cikin jirgin ruwa, sai kuma Kaka ta dawo tana yi wa jikarta nasiha. A tsaya a na biyu. Nasihar shafi ɗaya da rabi ce, cire ta zai rage tsawon, amma sai ka ƙara ragewa kafin ka kai minti 18.

Game da harshe, ka goge Larabcin bakin jikar ka mai da ita 'yar Kano. Yarinyar da ta tashi a Madani ba haka take magana ba, kai ma shaida ne a kan jikokinka. A bar ta tana surkawa, Kaka tana yi mata tsiya a kai. Sai dai kowace jimla ta zama wanda ke saurare daga Zindar ko Zariya zai gane inda aka dosa ko bai san kalmar ba. Kaka ita kuma Hausarta ta Haɗeja ce tsohuwa, da ɗan Larabcin kasuwa. Ayoyin da ka kawo guda biyu na nuna wa limaminmu, ya ce daidai suke. Ka rubuta sunan sura a gefe saboda mai karantawa.

Muryoyi: muna da mutum bakwai, mata uku, maza huɗu, a ɗaki ɗaya da makirfo biyu. Duk fitowar da ta haura mutum huɗu suna magana ka rage ta. 'Yan'uwan mahaifin su biyu a haɗe su su zama mutum ɗaya, dama ɗayan tari kawai yake yi.

Ina so shirin ya fita farkon Zulƙida, lokacin da maniyyata ke haramar tafiya, saboda haka ɗaukar sauti sai a Shawwal. Ka fara turo min na biyu da na biyar nan da mako biyu, tunda su ne masu nauyi, sauran su biyo baya kafin azumi ya raba. In bugawa a waya na wahalar da idonka, rubuta da hannu ka ɗauki hoto, za a buga a nan. Rabin kuɗin aikin da ya rage zan tura ta Bankak ranar da na biyu da na biyar suka iso. Inda duk ka ga ban yi daidai ba, musamman a kan baitocin kashi na huɗu da na san za ka yi gardama, kira ni bayan isha'i, lokacin ne layi ya fi kyau a nan.

Allah ya ƙara lafiya da basira.

Ɗiyarka,
mai shirya shirin