Godiya kan ganawar ranar Talata: gurbin jami'in sayen shanshera da duba inganci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Manaja,

Da fatan kun wuni lafiya, ya aiki, ya jama'a. Na rubuto ne in yi godiya kan lokacin da kuka ba ni ranar Talata, ku da Hajiya shugabar sashen ma'aikata da Injiniya mai kula da injinan casa. An ce mini ganawar ta minti 30 ce, sai ga shi mun haura awa guda, kuma bayan an tashi Injiniya ya zaga da ni tun daga bakin sikeli har wurin turara shinkafa da na busarwa. Na san ba dole ne a yi wa mai neman aiki haka ba. Allah ya saka da alheri, kuma ina roƙo a isar musu da gaisuwata.

Akwai tambayar da kuka yi mini wadda na tafi da ita gida ina juyawa. Kun ce: idan manomi ya kawo kaya, na'ura ta nuna danshi ya yi yawa, shi kuma ya rantse shinkafarsa ta bushe, me zan yi? Na ce zan sake aunawa a gabansa. Amsar gaskiya ce, amma ta yi gajarta, shi ya sa nake so in cika ta a nan.

Shekaru 5 da na yi ina karɓar shanshera a Kura da Bunkure da Garun Malam sun nuna mini cewa manomin da ya rantse yawanci ba ƙarya yake yi ba. Ya ɗebo daga bakin buhu, ya gatsa da haƙori, ya ji ta yi ƙaras, a wurinsa magana ta ƙare. Danshin kuwa yana tsakiyar buhu ko a ƙasan lodi. Don haka nakan sa shi ya zaɓi buhunan da kansa, a soka sama da tsakiya da ƙasa, a auna yana kallon lambar. Daga nan sai mu yi lissafi tare, da baki, ba a takarda kaɗai ba. Buhu mai kilo 100 da danshinsa ya kai kashi 20 cikin 100, idan aka busar da shi ya sauko 14, wanda shi ne ma'aunin da ake iya ajiye shanshera a sito ba ta lalace ba, abin da zai rage kilo 93 ne. Kilo 7 ɗin nan ruwa ne, ba shinkafa ba. A motar tan 30, ruwan ya haura tan 2. Sai in ba shi zaɓi: ko a rage masa daidai lissafin nan, ko ya koma ya shanya kwana ɗaya ko biyu ya dawo a biya shi cikakke. Da yawa sukan zaɓi komawa, kuma su ne suke sake kawo kaya a kaka ta gaba, domin sun ga ba a yi musu rufa-rufa ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da kuka faɗa cewa babbar damuwarku a bana ita ce manoma suna kauce wa sikelin kamfani suna sayar wa dillalai a bakin gona, ko da farashinku ya fi. Ni a ganina farashi ba shi ne duka maganar ba. Dillali yana biya nan take, kuma ba ya rage wa mutum kilo a gaban jama'a ba tare da bayani ba. Idan kamfani ya tsayar da ranar biya bai saɓa ba, sannan mai karɓar kaya ya san sunan manomi da ƙauyensu, ya iya yi masa bayani da harshen da ya saba ji, yawancinsu za su dawo. Irin aikin da na fi iyawa ke nan, kuma shi nake so in yi muku.

Injiniya ya nuna mini yawan karyewar da ake samu a kayan da suka shigo lokacin hunturu. Na ga irinsa a wurin da nake aiki yanzu. Shanshera da aka baza a kan kwalta ko siminti ta sha rana fiye da kima, sannan raɓa ta sauka a kanta da dare, ƙwayar takan tsage a cikin ɓuntu tun kafin ta iso inji. Ido ba ya gani daga waje. Abin da muka yi shi ne ɓare ƙwaya 100 da hannu daga kowane lodi a duba tsaga, a ware kayan da suka tsage a yi musu nasu turarawar daban, kuma a daina cakuɗa FARO 44 da sauran iri a jiƙo ɗaya, tunda ba lokaci ɗaya suke shan ruwa ba. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, haƙuri yake buƙata da mutum ɗaya da ba zai gaji da shi ba.

Akwai inda ban kai ba, kuma na faɗa a ganawar. Ban taɓa aiki da manhajar lissafin sito irin taku ba. Da littafi da Excel na saba. Na tambayi ma'ajin sitonku yadda ake shigar da kaya, ya nuna mini a taƙaice, kuma ina ganin makonni kaɗan za su ishe ni idan aka haɗa ni da wanda ya iya. Haka kuma yankin Auyo da kwarin Haɗeja, inda kuke shirin buɗe sabon wurin karɓar kaya, na san shi ne da ziyara ba da zama ba. Ina da abokan karatu daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta waɗanda suke aikin malaman gona a can, kuma ta hannunsu zan fara sanin shugabannin ƙungiyoyin manoma kafin girbi ya kankama.

Bayan abin da na gani da idona, sha'awata ga wannan aiki ta ƙaru. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne allon da kuka kafa a bakin sikeli, mai nuna farashin rana da yadda ake rage danshi da tsakuwa, kowa yana karantawa. Inda ake yin haka, mai karɓar kaya yana iya kallon manomi ido da ido.

Hajiya ta tambayi lokacin da zan iya farawa. Ƙa'idar wurin aikina ita ce sanarwar wata guda, kuma ina so in cika ta, in miƙa littattafan sito da lissafin manoman da ke hannuna yadda ya kamata. Idan aka yanke shawara cikin makonni biyu kamar yadda kuka ce, zan kasance a shirye kafin shansherar damina ta fara shigowa da yawa a watan Oktoba.

Na haɗa da takardun da Hajiya ta nema: takardar kammala bautar ƙasa, shaidar babbar difloma, da wasiƙun mutum biyu da suka san aikina. Na ƙara da samfurin takardar karɓar kaya da nake amfani da ita, bayan na cire sunayen manoma da na wurin aikina, ko za ta yi muku amfani. Idan akwai abin da ya rage ko wata tambaya da ta taso, a aiko mini ta nan, zan amsa a ranar in sha Allah.

Allah ya yi zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a kakar bana. Na gode ƙwarai.

Wassalam,
Naku,
Kabiru