Zuwa ga 'yan kasuwarmu masu rubuta ciniki a littafi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da Kawo, ya kasuwa? Allah ya kawo ciniki.

Ni akawu ne, aikina tsara lissafin kasuwanci, nan Tudun Wada nake. Wallahi abin da ke damuna shi ne mutum ya ji an ce ma'aikatan haraji na zagaye sai gabansa ya faɗi, har wani ya ja shago ya rufe, alhali littafin nan da kuke rubuta ciniki da bashi a ciki hujja ce babba, gyara kawai yake so. Don in babu lissafi a tsare kintace za a yi muku, kuma kintacen kan iya wuce ƙarfin shagon.

Zan zo har shago bayan la'asar, mu zauna mu ware kuɗin saro kaya, na haya, na ɗan dako da na cefanen gida, wannan na ƙarshen shi ke rikita littafi, sai ribar gaskiya ta fito. Alat na tiransifa ma mu haɗa da littafin. Wanda bai da lambar haraji in raka shi ofishin harajin jiha, kuma don Allah duk abin da kuka biya ku karɓi rasit ku adana.

Sirrinku amana ne, littafi ba zai bar shagonku ba. Zaman farko kyauta. Ina kasuwar Gumi Litinin da Laraba, layin 'yan atamfa, ku tambayi Malam akawu.