Wasiƙar Neman Diyyar Amfanin Gona da Ambaliyar Kogin Oda Ta Ci

Ƙungiyar Gama-Kai ta Manoman Fadama,
Ofishinmu na Aboabo, Kumasi.
Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Manajan Sashen Biyan Diyya,
Inshorar Amfanin Gona, Reshen Kumasi.

Yallaɓai,

NEMAN DIYYA A KAN YARJEJENIYA MAI LAMBA 0417/25

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku. Mun rubuto ne a madadin manoma 38 da sunayensu ke cikin yarjejeniyar da muka ƙulla da ku a watan Maris, wadda ta ƙunshi eka 126 a fadamar Kogin Oda, wajen Asago. Kuɗin inshora sidi 28,275 mun biya shi gaba ɗaya tun kafin shuka, rasit yana haɗe da wannan takarda.

Ruwa ya tsuge da yammacin Alhamis 26 ga Yuni, bai ɗauke ba sai bayan asuba. Duk wanda ya san wurin ya san a nan ne ruwan Sisa, wanda ya kwaso na cikin gari, yake haɗuwa da Oda. Kafin hantsi kogi ya haura gaɓa ya shafe gonakin ƙasa, kuma bai janye daga mafi yawansu ba sai ranar Talata 1 ga Yuli. Ma'ajinmu ya buga wa wakilinku waya ranar Juma'a bayan masallaci, muka bi da takarda ranar Litinin 30 ga wata. Ke nan sanarwar farko ta isa gare ku cikin awa 72 da yarjejeniya ta gindaya.

Shinkafa ce ta fi shan wuya. Eka 64 muka sa a inshora, kowace a kan sidi 5,000, akasarinta irin AGRA. Mutane kan ce ai shinkafa 'yar ruwa ce, kuma da tana ƙarama ne da ta iya jure nutsewar 'yan kwanaki. Amma tamu an dasa ta da wuri, ta riga ta yi ciki, ga ruwan kuma jan taɓo ne wanda haske ba ya ratsa shi. Malamin gona ya tsaga kara a gabanmu, zangarniyar da ke ciki ta yi baƙi ta narke, tana wari. Eka 38 sun tafi baki ɗaya, wato sidi 190,000. A cikinsu akwai fili na 9 da na 11, inda yashi ya binne shukar har zuwa gwiwa, ko kunya ɗaya ba a gani. Eka 14 da ke ɗan sama, inda ruwa ya janye da wuri, malamin ya ƙiyasta asarar rabi, sidi 35,000. Sauran eka 12 lafiyarsu ƙalau, ba ma neman komai a kansu.

Masara eka 41 ce, a kan sidi 3,500. Ta fitar da gemu, goyo ya fara cika, ruwa ya kwantar da ita, saiwa ta ruɓe. Eka 17 babu abin da za a ɗauka, sidi 59,500. Eka 9 an yi asarar kashi 40 cikin 100, sidi 12,600. Cikin ragowar eka 15 akwai uku da su ma suka lalace, sai dai tsutsa ce ta cinye su tun watan Mayu, ruwa ya tarar da aikin gama ya gama. Mai su ya so a saka, kwamiti ya ƙi, don yarjejeniyarmu ba ta ƙunshi ɓarnar ƙwari ba. An yi ta ja-in-ja a taro, amma a haka aka tashi.

Kuɓewa eka 7 cikin 12 suka mutu, a kan sidi 4,000, jimla 28,000. Kabeji kuwa dukan eka 9 ruwa ya hau, amma huɗu an riga an sare an kai kasuwa kafin ambaliyar, don haka biyar muke nema a kan sidi 6,000, wato 30,000. Uku daga cikin biyar ɗin na mata ne 'yan ƙungiya, waɗanda da kuɗin adashi suka sayi iri da taki.

Idan aka tattara, eka 67 sun salwanta gaba ɗaya, eka 23 wani ɓangare, eka 36 ba mu sa su a lissafi ba. Kuɗin ya kama sidi 355,100. Bayan an cire kashi 10 cikin 100 da yarjejeniya ta ce manomi ne zai ɗauka, abin da muke nema a hannunku shi ne sidi 319,590.

Shaidun da muka haɗo su ne rahoton malamin gona na Ma'aikatar Abinci da Noma, wanda ya zaga fili-fili ranakun 2 da 3 ga Yuli, da takardar jami'an NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, da suka zo ranar Asabar ruwa na tsaye, da hotuna 112 da bidiyo 9 a kan filashi, kowanne da kwanan wata da lambar fili. Akwai kuma rasitan iri da taki da haya ta tarakta, da kwafin Ghana Card na kowane mai nema. Mun rubuta wa Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana muna neman awon ruwan daren daga tasharsu ta filin jirgin Kumasi, da ya fito za mu miƙo. A duba hoto na 31 da kyau: Sarkin Noma ne tsaye jikin bishiyar kwakwar manja da ke fili na 14, shatin laka ya kai masa ƙirji, ga ledojin fiya-wata da ruwa ya kwaso daga gari sun sarƙe a ganyen masara.

Akwai magana ɗaya da ba mu ji daɗinta ba. A waya wakilinku ya ce mai yiwuwa kamfani ya ɗauki abin a matsayin sakacin magudana, ko noma a kan hanyar ruwa. Yallaɓai, ma'aikacinku ne da ƙafarsa ya taka gonakin nan a watan Maris, ya auna su da GPS, ya ga kogi da idonsa, taswirar da ya zana ita ce shafi na 4 na yarjejeniya. Saboda fadama ce ma aka ɗora mana kashi 5 cikin 100 na sidi 565,500, wato jimlar ƙimar amfanin da muka sa a inshora. Magudanan kuwa mun yi gayya mun yashe su a watan Afrilu, yana rubuce a littafin taro. Magudana tana kai ruwa kogi ne, idan kogin da kansa ya hauro babu inda za ta zuba.

Abin da ya fi damunmu yanzu lokaci ne. Yau mako biyu da kai takarda, mai ƙiyasinku bai zo ba, an kuma ce kada mu taɓa gonakin sai ya gani. Mun bi umarni. Amma kabeji ya riga ya narke, ciyawa na rufe masara, shaida tana ɓacewa kullum. Ƙaramar damina tana kamawa a watan Satumba, dole mu share mu yi huɗa cikin Agusta, ga mai shagon taki da muka ci bashinsa yana jiran girbin da babu shi. Don haka muna roƙon ku turo mai ƙiyasi kafin Juma'a 25 ga Yuli, gani ya kori ji. Idan hakan ba zai yiwu ba, ku ba mu izini a rubuce mu share, a yi aiki da rahoton malamin gona. In har kuna da ja a kan wani fili, ku faɗi lambarsa da sashen yarjejeniyar da kuka dogara da shi, a biya sauran da babu gardama a kansu.

Mun san Hukumar Inshora ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi, amma mun fi son mu gama a tsakaninmu. A biya ta asusun ƙungiya da ke rubuce a yarjejeniya, mu za mu raba, mu kawo muku takardar sa hannun kowa. Magatakarda yana ofis kullum daga ƙarfe 9 zuwa azahar, shi zai raka mai ƙiyasi, kuma a ce masa ya zo da takalmin ruwa don hanyar fili na 9 har yanzu taɓo ce.

Allah Ya ba da ikon dubawa. Mun gode.

Naku,
Shugaban Ƙungiya
Magatakarda
Magajiya, a madadin mata manoma

Kwafi zuwa ga malamin gona na yankinmu da jami'in Sashen Ƙungiyoyin Gama-Kai, Kumasi.